Ina Muryarka Ke Zuwa Idan Ka Yi Magana a Babban Zaure Fayau?

Duk wanda ya taɓa shiga babban zauren taro kafin a jera kujeru ya san abin nan. Ka ɗaga murya ka kira wani, sai sunan ya dawo maka daga can ƙarshen ginin, sannan ya bar wani gunji yana yawo a sama kamar ba zai mutu ba. Bayan awa biyu jama'a sun cika wurin, ka sake kiran sunan da ƙarfi iri ɗaya, sai ka ji shiru ya biyo baya nan take. Ba a rushe bango ba, ba a sauke rufi ba, amma zauren ya daina amsawa. Mutane kan ce wai babban gini ne ke "yin" amsa-kuwwa, ni kuwa a ganina wannan magana ce ke ɓatar da mu tun daga farko. Kowane ɗaki yana mayar da sauti, har da ɗan ƙaramin ɗakin kwana. Abin da ya bambanta su abu biyu ne kawai: tsawon lokacin da sautin ke ɗauka kafin ya dawo, da kuma yawan ƙarfin da yake rasawa duk sa'ad da ya bugi wani abu.

Kafin mu je can, sai mun fahimci abin da ke tafiya daga baki zuwa kunne. Ba iska ce ke tashi daga bakinka ta je ta bugi kunnen mai saurare ba, domin da haka ne, da duk mai magana da ƙarfi ya riƙa kashe kyandir daga nesa. Abin da ke faruwa shi ne, idan ka yi magana tantanin maƙogwaronka na kaɗawa, yana matse iskar da ke kusa yana sakinta, sau ɗari ko ɗari biyu a cikin sakan guda. Iskar da aka matsa ta ture ta kusa da ita, ita ma ta ture ta gaba, kowacce kuma ta koma mazauninta. Ka ɗauka mutane ne tsaye a dogon layi kafaɗa da kafaɗa, aka ture na farko. Turin zai kai ga na ƙarshe, alhali babu wanda ya bar inda yake tsaye. Wannan turi da saki shi ne sauti, kuma idan ya iso dodon kunne sai ya kaɗa shi daidai da yadda maƙogwaron ya kaɗa.

Saboda haka sauti ba ya tafiya sai da abin da zai ɗauke shi. Robert Boyle ya nuna wannan tun a 1660, lokacin da ya sa agogo a cikin tulun gilashi ya zuƙe iskar ciki da famfo. Agogon na ci gaba da aiki ana gani, amma ƙararsa ta ɓace, da aka mayar da iskar kuma ta dawo. Ruwa da ƙarfe ma suna ɗaukar sauti, har sun fi iska sauri nesa ba kusa ba: a ruwa yana cin kusan mita 1,500 a sakan, a ƙarfe kuwa wajen mita 5,000. Amma zancenmu na iska ne, kuma a iska lamba ɗaya ce za mu riƙe har ƙarshen wannan bayani. Idan zafin iska ya kai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, sauti na cin mita 343 a sakan guda. Ƙarin zafi na ƙara masa ɗan sauri, kimanin rabin mita da ɗoriya a kan kowane digiri, amma wannan bai isa ya sauya lissafinmu ba.

Mita 343 a sakan kamar gudu ne mai yawa, sai dai idan aka auna da haske tafiyar hawainiya ce. Shi ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa, kuma duk sakan uku da ka ƙirga tsakaninsu, nisan kilomita guda ke nan. Wannan jinkiri shi ne tushen amsa-kuwwa. Da sauti na da saurin haske, da babu zauren da zai taɓa amsa wa kowa.

To me ya sa bango ke mayar da shi? Iska abu ce marar nauyi, mai saurin matsuwa. Bangon siminti kuwa yana da nauyi da tauri, turin iska ba ya iya motsa shi sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Tunda ƙarfin bai samu hanyar shiga ba, sai ya juyo. Bangon da aka yi wa shafe aka goge sumul yakan mayar da kashi 97 zuwa 99 cikin ɗari na ƙarfin sautin da ya buge shi. A wajen sauti, irin wannan bango ya fi madubin da muke dubawa iya mayar da abu. Labule mai kauri, kafet, katifa ko tufafin jikin mutum kuwa cike suke da ƙananan kafofi da zare. Iskar da ke kai da komo ta kutsa cikinsu, ta yi ta gogayya da zaren, ƙarfin ya rikiɗe ya zama ɗan ɗumi da ba wanda zai iya ji. Wannan shi ake nufi idan aka ce abu ya shanye sauti.

Yanzu sai mu zo kan kunne, domin rabin labarin a cikin kanmu yake. Kunne da ƙwaƙwalwa ba sa raba sautuka biyu iri ɗaya idan sun zo daf da juna. Idan abin da bango ya mayar ya iso cikin kashi ɗaya bisa ashirin na sakan bayan na asali, ƙwaƙwalwa na haɗe su ta mai da su murya guda, sai dai ka ji muryar ta ƙara cika da kauri. Helmut Haas ne ya yi bincike mai suna a kan wannan wajen shekarar 1950, har ake kiran abin da sunansa. Daga nan zuwa sama sautin da ya dawo ya fara dagula magana, idan kuma jinkirin ya kai kashi ɗaya bisa goma na sakan, sai a ji shi sarai a matsayin murya ta biyu. A cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan sauti na cin mita 34 da 'yan kai. Tunda zuwa da dawowa ne, sai a raba biyu, a samu mita 17. Ga asalin lambar nan da ake koyarwa a makaranta, cewa sai bango ya kai nisan mita 17 kafin a ji amsa-kuwwa. Ba doka ce da aka sassaƙa a dutse ba, domin tafi mai kaifi yakan rabu a ƙasa da haka, kiɗa mai laushi kuma yakan buƙaci fiye da haka, amma ma'auni ne mai kyau.

A ɗakin da bangonsa ke nisan mita biyu daga gare ka, muryarka na dawowa cikin kusan kashi ɗaya bisa ɗari na sakan. Tana dawowa ɗin, kai ne ba ka ji ta daban ba. Hasali ma ita ce ke taimaka maka, shi ya sa magana a ɗaki ta fi sauƙi a kan magana a fili, inda babu abin da zai maido maka da komai.

A nan ne nake so mu tsaya sosai, domin kalmar amsa-kuwwa tana ɗauke da abu biyu da ba ɗaya ba ne, kuma rashin raba su ne ke sa a kashe kuɗi a gyara abin da ba shi ne matsalar ba. Na farko shi ne wanda muka gama bayani: maimaici guda, sarai, daga bango guda mai nisa. Na biyu shi ne gunjin nan da ke biyo baya, wanda ba ka iya ƙirga shi, ba ka kuma iya nuna inda ya fito. Shi ba daga bango ɗaya yake ba. Sautin ne ya bugi bango, ya tafi rufi, ya sauko daɓe, ya koma wani bangon, dubban hanyoyi a lokaci guda, suna isowa kunne a jere ba tazara, suna raguwa sannu a hankali. Zan kira shi jelar sauti, tunda binsa yake yi a baya yana sirancewa. A yawancin manyan zaurukan da babu kowa, jelar nan ce ke hana a fahimci magana, ba maimaicin ba.

Bari mu ɗauki zaure guda mu bi shi da lissafi. Tsawonsa mita 30, faɗinsa mita 15, tsayinsa mita 8. Daɓen siminti ne, bango shafaffe, akwai tagogin gilashi da ƙofofin katako, babu kujera ko ɗaya. Idan ka tsaya a bakin ƙofa ka tafa hannu sau ɗaya, sautin zai je bangon ƙarshe ya dawo, mita 60 ke nan, cikin kashi 17 bisa ɗari na sakan ko ɗan fiye. Wannan ya wuce iyakar da muka ambata, don haka za ka ji tafi na biyu a fili. Wanda ya tsaya mita biyar daga bangon ƙarshen kuwa ba zai ji maimaicin wannan bango ba, domin bambancin hanya a wurinsa mita goma ne kacal. Ashe ko a zaure ɗaya ma, amsa-kuwwa ta danganta da inda mutum yake tsaye.

Sai jelar. Iskar da ke cikin wannan zaure ta kai kubik mita 3,600, wato 30 sau 15 sau 8. Idan aka haɗa faɗin daɓe da rufi da bango huɗu kuma, za a samu murabba'in mita 1,620. A zaure mai wannan girma, sauti na tafiyar kusan mita 9 a tsakaici kafin ya sake bugun wani abu, wato yana yin karo sau 39 a sakan. Mu ƙaddara cewa a kowane karo yana rasa kashi 5 cikin ɗari na ƙarfinsa, idan aka haɗa siminti da gilashi da katako aka ɗauki tsakatsaki. Masana sun yarda a ce sauti ya mutu idan ƙarfinsa ya ragu zuwa kashi ɗaya bisa miliyan, abin da suke kira faɗuwar desibel 60. Wanda ke rasa kashi 5 kawai a kowane karo sai ya yi karo kusan sau 270 kafin ya kai can. Raba 270 da 39, ka samu kusan sakan bakwai. Sakan bakwai cur tafi ɗaya na yawo a cikin ginin.

Ka ɗauki ɗan ɗaki mai mita huɗu sau huɗu, tsayinsa mita uku, da irin wannan siminti, shi ma babu komai a ciki. Karo 270 ɗin nan dai ake buƙata, amma bangon na kusa da juna, sautin na karo wajen sau 140 a sakan, sai ya gama cikin ƙasa da sakan biyu. Kowa ya san wannan amon na sabon ɗakin da ba a tare ba. Da an shigo da gado da labule da kaya, sai jelar ta koma wajen rabin sakan. Ka ga ke nan girma da zama fayau dalilai ne biyu daban da suka haɗu a kan abu ɗaya. Girma na rage yawan karon da sauti ke yi a sakan, rashin kaya kuma na rage abin da yake rasawa a kowane karo.

Wanda ya fara auna wannan da kyau shi ne Wallace Clement Sabine, matashin malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka. A 1895 aka ba shi aikin gyara zauren lacca na gidan tarihi na Fogg, inda kalma ke rataye a iska fiye da sakan biyar har ɗalibai ba sa gane abin da malami ke faɗa. Ba shi da na'urar ɗaukar sauti irin ta yau. Da bututun busa na kayan kiɗan ogan mai ba da sauti guda, da agogon ƙidayar sakan, da kunnensa ya yi aikin, cikin dare lokacin da gari ya yi tsit. Shi da mataimakansa sukan kwaso matasan kujeru daga zauren Sanders da ke kusa, su jera, su auna yadda jelar ta ragu, su mayar kafin gari ya waye. Haƙurin wannan mutum na burge ni ƙwarai, domin daga ɗaukar matasai ya fito da ƙa'idar da ake aiki da ita har yau:

```
T = 0.161 × V / A
```

T ita ce tsawon jelar a sakan, V yawan iskar zauren, A kuma jimillar abin da ke shanye sauti, wanda ake samu idan an ninka faɗin kowane abu da kason da yake shanyewa. A zaurenmu, A ita ce kashi 5 cikin ɗari na 1,620, wato 81. Sai a ninka 3,600 da 0.161 a samu kusan 580, a raba da 81, a tashi da sakan 7.2. Daidai da abin da muka samu ta hanyar ƙirga karo. Da wannan ƙa'ida Sabine ya ba da shawara wajen gina babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900, wanda har gobe ake yabon amonsa.

Yanzu mu shigo da jama'a. Mutum ɗaya a zaune da tufafinsa yakan shanye sauti kamar buɗaɗɗiyar taga mai faɗin kusan rabin murabba'in mita, wadda sauti ke fita ta cikinta ba ya dawowa. Mutum 400 sun ƙara 200 ke nan a kan 81, A ta zama 281. Raba 580 da 281, jelar ta faɗo daga sakan bakwai zuwa sakan biyu da ɗan kaɗan. Amsar tambayar da muka fara da ita ke nan. Jama'ar da kansu su ne labulen zauren. Wannan ne ma ya sa a zauruka masu kyau ake sa kujeru masu kaurin soso, domin kujerar da babu kowa ta shanye kusan abin da mutum zai shanye, amon wurin kada ya sauya sosai ko an cika ko ba a cika ba.

Me ya sa doguwar jela ke lalata magana haka? Mai magana a natse yana furta gaɓa huɗu ko biyar a sakan. A zauren da jelarsa ta kai sakan bakwai, lokacin da gaɓa ta biyu ta fito, ta farko ta ragu da kusan desibel biyu kacal, tana nan da fiye da rabin ƙarfinta. Ta uku ta zo ta hau kansu, ta huɗu ma haka. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne wasula sun fi baƙaƙe ƙarfi da tsawo, alhali baƙaƙen ne ke rarrabe kalmomi. Bambancin "kafa" da "ƙafa", ko "bari" da "ɓari", ɗan abu ne da ke wucewa cikin ƙiftawar ido a farkon kalma. Jelar wasalin da ya gabata sai ta rufe shi ruf. Mai saurare na jin murya da ƙarfi, amma ba ya tsintar kalma. Don haka zauren magana ake so jelarsa ta tsaya kusa da sakan ɗaya ko ƙasa, zauren kiɗan manyan makaɗa kuwa yakan yi daɗi a wajen sakan biyu, tunda a can ana son sautuka su narke cikin juna.

Kuskuren da na fi gani, kuma yake damuna, shi ne idan mutane ba sa ji sai a ƙara ƙarar lasifika. Wannan ba ya magani ko kaɗan. Ƙarin ƙarfi na ɗaga muryar asali da jelarta daidai wa daida, ruɗanin na nan yadda yake, sai dai ya ƙara ciwon kai. Muryar da ke zuwa kai tsaye tana raguwa da nisa, duk ninkin nisa ƙarfinta na komawa kashi ɗaya bisa huɗu, jela kuwa kusan ɗaya take a ko'ina cikin zauren. Saboda haka akwai wani nisa da idan ka wuce shi jelar ta rinjayi muryar, kuma a zaure fayau wannan nisa 'yan mitoci ne kawai. Abin da ke taimako shi ne a kusantar da murya ga kunnuwa, da ƙananan lasifikoki a rarrabe masu ƙara kaɗan, a kuma karkata su su fuskanci mutane, kada su fuskanci bango ko rufi. Mai magana ma idan ya sassauta, ya bar tazara tsakanin jimloli, ya rage rabin wahalar.

Kuskure na biyu shi ne a manna siririn soso a bango a ce an gama. Sauti mai kauri yana da dogon zango, wato nisan da ke tsakanin matsin iska ɗaya da na gaba: wanda ke kaɗawa sau 100 a sakan, tsawon zangonsa ya kusa mita uku da rabi, mai kaɗawa sau 4,000 kuwa bai kai santimita tara ba. Abu siriri na kama sirarun sautuka ne kawai, masu kaurin su wuce shi kamar babu. Sakamakon sai zauren ya rasa kaifinsa ya rage da gunji, wani lokacin ma ya fi da muni. Abin shanye sauti sai ya yi kauri, ko a bar sarari tsakaninsa da bango, shi ya sa labule mai nauyi da aka tattare aka rataye shi nesa kaɗan da bango ya fi wanda aka shimfiɗa a jikinsa aiki. Ita ma ƙa'idar Sabine tana da iyaka. Tana ɗauka cewa sauti ya bazu ko'ina daidai, don haka idan aka tara duk abin shanyewar a daɓe aka bar dogayen bango biyu tsirara suna kallon juna, lissafi zai ce an gyara, kunne kuwa zai ce da saura.

Gane wace matsala ce ke damun zaure ba ya buƙatar na'ura. Ka tsaya inda mai magana zai tsaya, a yi shiru, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ka kasa kunne. Idan ka ji tafi na biyu shi kaɗai, sarai, to bango guda ne mai nisa, galibi na baya, kuma shi kaɗai za a rufe da abu mai kauri ko a karkatar da fuskarsa. Idan ka ji wata ƙara mai karkarwa kamar "trrr", sautin ne ya maƙale tsakanin bango biyu masu santsi da ke fuskantar juna, ko tsakanin daɓe da rufi, kuma rufe ɗaya daga cikinsu ya wadatar. Idan ƙarar ta yi yawa a wuri ɗaya ta ragu da ka matsa taku kaɗan, duba sama ko baya, za ka tarar da rufi mai ƙubba ko bango mai lanƙwasa yana tattara sautin a wuri guda. Idan kuwa gunji ne kawai ke ja yana sirancewa, sai ka ƙirga sakan nawa ya ɗauka kafin ya ɓace, ka auna tsawo da faɗi da tsayin zauren, ka juya ƙa'idar Sabine ta faɗa maka abin da ya rage. A zaurenmu, don a sauko da jelar zuwa sakan ɗaya da rabi tun babu kowa a ciki, A sai ta kai kusan 390, wato ana neman ƙarin 300 da 'yan kai. Idan allunan da za a sa suna shanye kashi 80 cikin ɗari, kusan murabba'in mita 400 ake buƙata, a raba su tsakanin rufi da bangon baya da sassan bangon gefe.